Biskit biyu, lissafi ɗaya

Iyaye a Dichemso, idan an turo muku hoton bayan fakitin biskit ta WhatsApp, kar ku tsaya kan lambar sukari kawai. Ni layin "Serving size" nake fara dubawa, domin kowane kamfani da nasa awon.

A ce na farko yana da sukari giram 6 a cikin giram 20, na biyu giram 9 a cikin giram 45. Ido zai zaɓi na farko. Amma a giram 100, na farko 30 ne, na biyu 20. Haka ake lissafin mai, wato "Total Fat".

A ganina, layin "Per 100g" ne alƙali. In bai fito a hoton ba, a sake ɗauka kafin a saya wa yara.