Wane Tsari Ne Ya Fi Taka wa Shugaba Birki?

A darasin kimiyyar siyasa an ce tsarin shugaban ƙasa ya fi raba iko: majalisa daban, ɓangaren zartarwa daban. A tsarin firaminista kuwa, ministoci 'yan majalisa ne.

To amma 'yan uwa, ku duba wajen sauke shugaba. A Birtaniya, da 'yan jam'iyyar Liz Truss suka juya mata baya a 2022, ko wata biyu ba ta cika ba ta sauka. Najeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa a 1979. Tsige shugaba sai da kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, kuma ba a taɓa yi ba.

Ni dai a ganina, muddin majalisa 'yar amshin shata ce, rabon iko a takarda ya tsaya.