Kofe Biyu, Suna Ɗaya

Jama'a, a watan Maris na 2024 wata ƙungiyar 'yan kasuwa da nake halartar taronta ta yanke shawarar kashe Naira 450,000 wajen gyaran rumfuna. Da zama na gaba ya zo, magatakarda ya karanta 450,000, sai ma'aji ya miƙe da takarda mai ɗauke da 540,000. Kowa ya rantse tasa ce ta ƙarshe, domin kuwa sunansu ɗaya a cikin kwamfuta. Saura ƙiris a kira ma'aji ɓarawo, alhali kuskuren bugu ne da aka gyara a wannan kofe aka bari a wancan.

Maganin wannan yana farawa ne tun daga suna. Ga yadda ya kamata a jera su:

```
2024-03-14_taro_daftari-01.docx
2024-03-14_taro_daftari-02.docx
2024-03-14_taro_amintacce.pdf
```

Kwanan watan na ranar taro ne, ba ya sakewa, kuma da yake shekara ce a gaba, kwamfuta za ta jera tarurruka bi da bi. Lamba ita ke ƙaruwa, magatakarda kaɗai ke ba da ita. Da ma'aji ya ga 01 a hannunsa, 02 a hannun magatakarda, da gardama ba ta tashi ba.

Kafin a aika wa shugaba daftari, a kunna `Track Changes` da ke ƙarƙashin `Review` a cikin Word. Daga nan duk kalmar da aka soke ko aka ƙara za ta fito da sunan wanda ya taɓa ta. Magatakarda sai ya bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, yana gwada su da abin da ya rubuta a littafinsa ranar taro, ya karɓa da `Accept` ko ya ƙi da `Reject`.

To, a nan akwai tarko. Wanda ya zaɓi `No Markup` zai ga takarda fes, amma ɓoye gyaran kawai ya yi. Maganar da shugaba ya soke tana nan kwance, duk wanda aka aika wa yana iya tono ta. Sai an koma `All Markup` an ga babu sauran layi ko sharhi, sannan a ce an gama.

Duk da haka daftari ne har sai taro ya amince. Bayan an kawo shawarar karɓa, an goyi baya, shugaba ya sa hannu da kwanan wata, a mai da wannan kofe PDF, tsofaffin kuma a kwashe su zuwa wani wuri dabam. Kada a dogara da `Mark as Final`, gargaɗi ne ba kwaɗo ba, wanda ya latsa `Edit Anyway` ya buɗe.

In kuskure ya ɓullo daga baya, ba a taɓa abin da aka sa wa hannu. A kawo shi zama na gaba, a rubuta gyaran a rahoton wannan rana. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.