Waiwaye: Jimlar da ta kwana a shafi biyu

Farkon zuwana aikin lissafi a wani shagon sari a Kantin Kwari, Kano, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ɗauki atamfa da shadda da leshi, har rasit ɗinsa ya cika shafi 3. Yaron shago ne ya rubuta, ni aka miƙa wa in faɗi kuɗi. Na dubi ƙasan kowane shafi: naira 420,000, sai 730,000, sai 880,000. Na tara su, na ce kuɗinsa miliyan 2 da dubu 30.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Kallon dilolinsa kawai ya yi, ya ce, "Malam, wannan kayan bai kai miliyan ba."

Maigida ya karɓi takardun, ya ɗora yatsa a layin farko na shafi na 2. Babu sunan kaya a wurin, babu yawan turmi, sai 420,000 ita kaɗai. Jimlar shafin farko ce aka ƙetaro da ita. Ashe kayan shafi na 2 na 310,000 ne, da aka haɗa su da abin da aka ɗauko suka zama 730,000. Shafi na 3 ya buɗe da wannan 730,000, ya ƙara kayan 150,000, ya rufe da 880,000. Wannan ne kuɗin gaba ɗaya. Ni kuwa na ƙirga shafin farko sau uku, na biyu sau biyu.

Abin da ya fi zauna mini shi ne yadda maigida ya nuna kuskuren. Ya cire 880,000 daga abin da na faɗa, saura 1,150,000, ya ce in haɗa alƙaluman nan biyu da aka ƙetaro. Suka zo cif. Idan rarar da ta bayyana ta yi daidai da jimlar da ke gindin wani shafi, to an maimaita ta.

Rasit kashi biyu ne, kuma da ido kamarsu ɗaya. Wani kowane shafi da jimlarsa, sai a ƙarshe a tara. Wani jimlar tafiya take daga shafi zuwa shafi, ta ƙarshe kaɗai ake biya. Saman shafi na 2 ne ke raba gardama. Haɗarin ma ya fi girma idan akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari, domin za a ɗora shi a kan kuɗin da babu su, kuma mai saye ne zai biya.

Mai rubuta rasit, don Allah ka sa "an ɗauko daga baya" a gefen adadin, ka ja masa layi, ka lambata shafukan: 1 cikin 3, 2 cikin 3. Mai biya, kada ka zaro kuɗi sai ka duba layin farko na kowane shafi.