Ƙaddara Ba Ta Ɗauke Lamuni

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, idan Hiyas ta kife tsakanin Gure da Gidimuni, fasinja ya karye, kada ku toshe masa baki da cewa ƙaddara ce. Wanda ya karɓi kuɗin mota ya ɗauki amanar rai. In direba ya yi lodi fiye da kima, ko ya fita da suɗaɗɗiyar taya, ya yi sakaci, kuma a fiƙihu lamuni yana wuyan mai sakaci.

Wanda ya ji rauni yana iya kai ƙarar direba da mai mota, har da kamfanin inshorar motar kai tsaye, bisa dokar CIMA. Ya riƙe rahoton jandarma da takardar likita, domin su ne hujjarsa. In ya yafe, alheri ne, amma tilasta masa yafiya zalunci ne.

Allah Ya kiyaye hanya.