Ma'aikacin lafiya: Takarda ɗaya da ya kamata ka cike wa kanka duk shekara

A duk ƙarshen shekara, ma'aikatan lafiya na gwamnati da dama kan cike fom ɗin APER, wato na tantance aikin shekara. Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibiti ya san yadda ake yi: a ari na abokin aiki a kwafa, shugaba ya zuba maki, ya sa hannu, a tura ofis. Fom ɗin yana da amfaninsa wajen ƙarin girma, amma na hukuma ne. Tambayarsa ita ce ko ka yi aikin da aka ɗauke ka dominsa. Babu ruwansa da ko ka matsa kusa da inda kake son zuwa.

Shi ya sa nake ganin duk ma'aikaci mai matsakaicin matsayi, ko CHEW ne, ko nas, ko ungozoma, ko ma'aikacin ɗakin gwaji, yana buƙatar wata takardar ta kansa. Shafi ɗaya, babu maki, babu sa hannun kowa. Dalili kuwa shi ne, wannan rukuni ne ya fi saurin maƙalewa. Aiki ba ya ƙarewa: ranar awo, ranar rigakafi, rahoton wata, kwanan asibiti. Mutum yana gajiya kullum, sai ya ɗauka gajiyar ita ce ci gaba, har shekara 10 ta wuce yana nan inda yake.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata CHEW ce da aka ɗauka aiki a 2017, burinta ta zama CHO, karatun shekara biyu da ake yi a asibitocin koyarwa irin na Zariya da na Kano. Layin farko na takardarta ba zai ce "ina son ƙaro karatu" ba, domin wannan fata ne, kuma fata ba ta aunuwa. Zai ce: "In fara karatun CHO a 2027." Da zarar an sa shekara, komai ya koma lissafi.

A ƙarƙashinsa sai ta jera ƙofofin da dole ta bi kafin ta kai, kowace da amsa ɗaya: na wuce, ko ban wuce ba. Shin lasisinta na hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma yana aiki, ko ya ƙare? Shin sakamakon sakandarenta ya cika sharuɗɗan da makarantar ta buga a tallanta na bana, ba wanda ta ji a bakin mutane ba? Shin takardar tabbatar da ita a aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe suna hannunta, ko suna "cikin fayil"? Shin ta san teburin da neman hutun karatu yake bi, da watan da ake miƙawa?

A nan ne takardar take biyan kuɗinta. Na ga wadda ta sayi fom, ta shirya tafiya, sai a wajen tantancewa aka nuna mata ba ta da kiredit a kimiyyar sinadarai. Gyaran ba wuya: ta zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Amma sai an yi rajista, a rubuta, a jira sakamako, shekara guda ta tafi ke nan. Da ta duba wannan layi shekara biyu kafin lokacin, da ba ta yi asarar komai ba. Haka ma bambancin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardu, ƙaramin abu ne da ke cin watanni idan an gano shi a makare.

Sai layin kuɗi, wanda yawancinmu muke tsallakewa da "Allah zai kawo". Zai kawo, amma a rubuta. A ce ta ƙiyasta tana buƙatar naira 600,000 a hannu kafin ta fara, kuma saura wata 24. Wannan naira 25,000 ke nan duk wata. Shekara ta zagayo, ta duba, ta ga 90,000 kawai ta tara, wato 7,500 a wata. Saura 510,000 a wata 12, wato 42,500 duk wata. Yanzu ta san gaskiyar magana: ko ta shiga adashe mai ƙarfi, ko ta nemi tallafi tun yanzu, ko ta mayar da burin 2028 da saninta. Ɗage shekara da lissafi ba faɗuwa ba ne. Faɗuwa ita ce ka ci gaba da cewa "baɗi" ba ka san abin da ya hana bana ba.

Sashen da na fi ba muhimmanci shi ne na ƙwarewar hannu, kuma a nan mutane suka fi yaudarar kansu. Muna ƙirga bitocin da muka halarta, da takardun shaida da kuɗin zama. Tun 2014 Najeriya ta fitar da manufar sauƙe wasu ayyuka zuwa ga ma'aikata irin su CHEW, ciki har da sanya ashanar tazarar haihuwa bayan horo. Da yawa sun je horon. To, tambayar da takardar za ta yi ba ita ce "kin je bita?" ba. Ita ce: sau nawa kika yi da hannunki a bana, kuma wa ya tsaya ya duba ki? Kada a amsa da ka, a buɗe rajistar asibiti a ƙirga. Idan an horar da ita a watan Maris, amma har Disamba sau biyu ta sanya saboda kayan sun yanke, to takardar shaida take da ita, ba ƙwarewa ba. Ta zaɓi abu biyu kacal na shekara mai zuwa, ta nemi a bar ta ta riƙa zuwa babban asibiti ranar da ake yin su.

Na san abin da wasu za su ce: me takarda za ta yi a inda ƙarin girma ke makara, hutun karatu kuma sai kana da uwa a gindin murhu? Ƙorafin gaskiya ne, kuma takarda ba za ta gyara hukuma ba. Amma a layin ƙarshe, inda ake rubuta abin da ya hana, a raba shi gida biyu: wanda ke hannuna da wanda ke hannun wani. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, mai mataki na 07 zuwa 14 yana cancantar neman ƙarin girma bayan shekara uku. Wanda ya rubuta ranar ƙarinsa na ƙarshe zai iya zuwa ofis ko wajen ƙungiya ya ce ga ranar, ga ƙa'ida. Wanda bai rubuta ba, sai dai ya yi gunaguni a ɗakin hutu.

A cike ta a watan Janairu, bayan an haɗa rahoton shekara, lokacin da alƙaluma ke kusa. A ɗauki hotonta a waya, domin takarda kan ɓata. Kuma kada a fara cike ta bana sai an karanta ta bara. Idan dalili ɗaya ya fito shekara uku a jere, a ce "yara ƙanana ne" ko "babu mai karɓa ta a asibiti", to ko dai a nemi hanyar da ba ta buƙatar barin gari, ko a zauna a tambayi kai ko har yanzu ana son burin.