Bulala Ba Ta Koyar da Gaskiya

Wani marubuci ya ce kwanan baya bulala ce maganin ƙaryar yaro, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malam, tanƙwarawa daban, karyawa daban.

Tun 1932 Jean Piaget ya nuna cewa ƙaramin yaro yana auna laifi da girman ɓarna, ba da niyya ba. A wajen yaron, wanda ya fasa kofuna 15 bisa kuskure ya fi laifi a kan wanda ya fasa ɗaya garin sata. Sai ya doshi shekara goma yake fara duba niyya. Lawrence Kohlberg kuma ya sa gudun hukunci a matakin farko cikin matakai shida na bunƙasar ɗabi'a. Nan bulalarka take tsare yaro.

Ɗan shekara biyar ya zubar da manja, uwa ta ce, "Wa ya yi?" Ya ce shi ne, ya sha duka. Me ya koya? Gobe akuya ce ta zubar.

Da cewa ta yi, "Na ji daɗi da ka faɗa, ɗauko tsumma mu goge," da ya biya ɓarnarsa, gaskiyar kuma ba ta cuce shi ba.

Sannan, Malam, wa ke aiken yaro zaure ya ce wa mai bin bashi Baba ba ya nan?