Tattalin Aljihu: Yanke Wa Baƙo Farashi Da Dala, Cin Tuwo Da Naira

A wannan mako za mu duba sha'anin 'yan'uwanmu masu aikin kansu, kamar masu fassara da masu zane, waɗanda suke zaune a gida Nijeriya suna yi wa mutanen ƙasashen waje aiki ana biyansu da dala. Da yawa suna ganin duk wanda ke karɓar dala kakarsa ta yanke saƙa. To, amma dala hawa take yi tana sauka, cefane kuwa ba ya jiran kowa.

A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,800 a kasuwar canji, sa'an nan cikin Afrilu ta faɗo zuwa wajen 1,150. Wanda ke bukatar naira 600,000 a wata, ya kuma yi lissafinsa a kan 1,800, ya nemi dala 333 ke nan. Da Afrilu ta zo, wannan kuɗin bai wuce naira 383,000 ba, alhali kuwa shinkafa da kuɗin haya ba su sauko ba. Ashe ke nan ba a yanke farashi da canjin ranar da dala ta yi tsada.

Ga yadda ya kamata a yi lissafin. Mu ɗauki misalin mai fassara wanda gidansa ke cin naira 400,000 a wata, aikin kansa yana cin 100,000 wajen man janareta da kuɗin intanet da gyaran kwamfuta, yana kuma son ajiye 100,000. Jimla 600,000. In canji a kasuwa 1,500 ne, sai ya yi lissafi da 1,200 domin barin sarari, wato yana bukatar dala 500. Ya ƙara dala 20 ta kuɗin turowa da cajin banki, ya zama 520. Idan ta dandalin Fiverr yake samun aiki, inda ake cire kashi 20 cikin ɗari, lalle sai masu ba shi aiki sun biya dala 650 kafin 520 ta iso hannunsa. In kalmomi 13,000 yake iya samu ya fassara a wata, to mafi ƙarancin farashinsa santi 5 ne a kowace kalma. Duk aikin da ya gaza wannan, wahala ce ba riba, domin aiki mai arha yana cinye lokacin da za a yi mai tsoka.

Wannan fa ƙasan farashi ne, ba a nan ake tsayawa ba. Wanda ya ƙware sai ya duba abin da takwarorinsa ke karɓa ya ɗaga nasa. A rubuta farashin da dala cikin yarjejeniya, a faɗi wanda zai ɗauki kuɗin turowa, in aikin babba ne kuma a nemi rabin kuɗi kafin a fara.

Sai batun tanadi. Mai aikin kansa ya yanka wa kansa albashi kamar ma'aikacin gwamnati. A misalinmu, rana ɗaya tsayayya a kowane wata zai canza abin da zai ba shi naira 500,000 na gida da na aiki. A canjin 1,500 wannan bai kai dala 335 ba, saura fiye da 160 ya zauna a asusun ajiyar kuɗin waje na banki. In canji ya faɗo zuwa 1,200 zai canza wajen dala 417, duk da haka wajen 83 ta rage. Sai ya fara tara kuɗin cefanen wata uku da naira, don kada rashin aiki ko jinya ta tilasta masa sayar da dala a ranar da ta yi arha. Abin da za a kashe nan kusa, kamar haya da kuɗin makaranta, a tanade shi da naira. Abin da za a saya da farashin dala, kamar sabuwar kwamfuta, a bar kuɗinsa a dala.

Alamar lissafi ya karkace ita ce mutum ya ga yana taɓa ajiyar dala wata biyu a jere domin cefane. In haka ta faru, sai ya sake lissafin daga farko ya sanar da masu ba shi aiki sabon farashi tun da wuri, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.